Takardar Neman Izinin Barin Wurin Horo Kafin Cikar Wa'adi Domin Zana Jarrabawa

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Zuwa ga Malam Sani Abdullahi,
Shugaban Ɗakin Gwajin Ingancin Ruwa,
Mai Kula da Ɗalibai Masu Sanin Makamar Aiki.

Ranka ya daɗe,

NEMAN IZININ TAFIYA JARRABAWA DAGA RANAR ALHAMIS, 31 GA YULI, 2025

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izininka in dakatar da horon da nake yi a ƙarƙashinka bayan tashi aiki ranar Laraba, 30 ga Yuli, domin in koma jami'a in zana jarrabawa. Bisa takardar da aka turo ni da ita, horon na mako 24 ne, daga 3 ga Maris zuwa 15 ga Agusta. Idan ka amince, ranakun aiki 12 ne za su kuɓuce mini, kuma dukkansu ina da niyyar ramawa.

Da farko jami'a ta sa jarrabawar ne a ranar 25 ga Agusta, wato bayan mun kammala a nan. A makon jiya aka fitar da sabon jadawali wanda ya dawo da ita ranar Litinin, 4 ga Agusta. Kwas biyar zan zana, na farko a ranar da za a fara, na ƙarshe ranar Talata, 19 ga Agusta. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda zan riƙa zuwa ina komawa ba, ga nisan hanya. Kwanaki biyun da na ƙara a gaba kuwa ba na hutu ba ne. Alhamis ta tafiya ce, Juma'a 1 ga Agusta kuma ita ce ranar ƙarshe ta tantancewa da karɓar katin jarrabawa, kuma dole sai ɗalibi ya je da kansa. Wanda ba shi da kati ba a barinsa ya shiga zaure, kwas ɗin da bai zana ba kuma sai ya jira zagayowar shekara.

Ga yadda nake so in rama kwanakin, idan ka ga ya dace. Zan shiga aikin Asabar sau uku, ranakun 12, 19 da 26 ga Yuli, tare da duk ma'aikacin da ke bakin aiki, tunda doka ba ta yarda ɗalibi ya zauna a ɗakin gwaji shi kaɗai ba. Sauran kwana 9 zan dawo in yi su daga Litinin, 25 ga Agusta, zuwa Alhamis, 4 ga Satumba. Jami'in da ke kula da horon ɗalibai a sashenmu ya rubuto cewa jami'a za ta karɓi wannan tsarin matuƙar ka sa hannu a kai.

Abin da ya fi damuna shi ne kada tafiyata ta bar giɓi a aikin safe. A yanzu ni ke ɗibar samfurin ruwa da ƙarfe 8 a wurare huɗu: mashigar ɗanyen ruwa, bayan tankin kwantar da laka, bayan matata, da famfon ƙarshe. Na yi magana da Malama Hauwa, ta ce za ta karɓi aikin idan ka ba da umarni, Nura kuma, wanda wa'adinsa sai ƙarshen Satumba, zai taimaka mata. Ina roƙon a bar Nura ya riƙa bina zagaye daga Litinin, 21 ga Yuli, mako na farko yana kallo, daga 28 ga wata kuma shi ke yi ina tsaye a kansa.

Akwai wuraren da sabon hannu ya fi yin kuskure, su zan fi nanata masa. Ragowar kulorin a bakin famfo ake auna ta da ƙwayar DPD, nan take, domin idan aka ɗauko ruwan aka ajiye kulorin yana raguwa, sai awon ya fito ƙasa da gaskiya, a ƙara magani ba gaira ba dalili. Kwalbar na'urar auna dagulewar ruwa sai an goge ta tas, saboda shatin yatsa ko kumfar iska a jikinta yana ɗaga lamba. Na'urar pH kuma ana daidaita ta da ruwan ma'auni na 4, 7 da 10 kafin a fara awo, kuma ba a barin bakinta ya bushe.

Gwajin ƙwayoyin cuta ya fi buƙatar lura. Kwalaben samfurinsa ana dafa su a tukunyar tururi a zafin digiri 121 na minti 15, da sinadarin kashe kulorin a cikinsu. In aka manta da sinadarin, kulorin zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a cikin kwalba, sakamako ya fito fes alhali ruwan ba haka yake ba. Tunda ana tace mililita 100 ne a kwantar a na'urar ɗumi a karanta washegari, zan yi dashena na ƙarshe ranar Talata, 29 ga Yuli, in karanta in shigar ranar Laraba. Wanda za a dasa ranar Laraba Malama Hauwa ce za ta dasa, don wanda ya dasa ya zama shi ya karanta. Kafin in tafi zan cike rajistar sakamako har zuwa 30 ga wata, in ƙirga ragowar takardun tacewa da ƙwayoyin DPD in rubuta, in miƙa makullin kabad da rigar aiki ga mai kula da sito.

Saura batun takardun makaranta. Littafin rahotona na mako-mako yana da sa hannunka har zuwa Juma'a, 4 ga Yuli. Ina roƙon a ci gaba da sa hannu zuwa 30 ga Yuli, a bar shafukan ranakun da ba na nan babu komai, a rubuta dalili a gefe, domin kada kwanakin littafin su saɓa da na rajistar halarta idan jami'a ta zo dubawa. Fom ɗin tantancewa na ƙarshe da takardar shaidar kammalawa kuwa a jinkirta su zuwa 4 ga Satumba. Abin da nake buƙata in tafi da shi yanzu gajeriyar takardar amincewa ce mai sa hannu da hatimi, wadda zan kai sashenmu.

Na haɗo kwafin sabon jadawalin jarrabawa, na ja layi a ƙarƙashin kwasa-kwasaina, da takardar rajistar kwas, da wasiƙar jami'in horo na sashenmu. Sashen ya ce a kai masa amincewar wurin horo kafin Juma'a, 18 ga Yuli, shi ya sa nake roƙon samun amsa kafin ranar. Idan aikin Asabar bai yiwu ba, a shirye nake in haɗa kwana 12 ɗin gaba ɗaya bayan jarrabawa, in kammala ranar Talata, 9 ga Satumba.

Na gode da kulawarka. Allah ya ƙara girma.

Ɗalibarka mai biyayya,
Rukayya Bello,
Ɗalibar aji uku, Sashen Nazarin Ƙananan Halittu.