Darasin Tarihi, aji turwaziyem B: Hanyar ayari da Daular Damagaram

Shafi na 1. Abin da za mu yi yau

Salamu alaikum yarana. Ku fiddo kaye da bik. Wannan bita ce kafin birebe, na rubuta ta da Hausa saboda a dabuwar ɗin da ya wuce na ga da yawanku kun haddace shekaru amma in na tambayi dalili sai aji ya yi tsit. Tambaya ɗaya za mu bi daga farko har ƙarshe: me ya sa garin nan da muke zaune a ciki ya yi ƙarfi haka a ƙarni na 19, kuma me ya rage masa ƙarfin?

Shafi na 2. Damagaram ta fara ƙarama

Gidan sarautar nan ya samo asali ne daga wani malami mai tushen Barebari, a farkon rabin ƙarni na 18. A lokacin ƙaramar sarauta ce a ƙarƙashin Barno, ana kai wa Barno gaisuwa da haraji. Sai a farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da fada nan Zandar.

Shafi na 3. Ku dubi taswira

Ku ɗora yatsa a kan Tarabulus can bakin teku, ku sauko Gadamas, ku sauko Gat, ku shigo Abzin wajen Agadas, ku ratsa Damargu, kun iso Zandar. Daga nan Kano kamar kilomita 240 ne. To mutumin da ya yi watanni yana ratsa hamada da raƙuma, nan ne yake tarar da gonakin hatsi da kasuwa babba, nan zai huta ya shayar da dabbobi ya sayi guzuri, kuma duk inda fatake suka sauka sarkin wurin yana da rabonsa. Wannan shafin shi ne ginshiƙin darasin, wanda bai gane shi ba ya ɗaga hannu yanzu kafin mu wuce.

Shafi na 4. Me ayari yake ɗaukowa?

Daga arewa: yadi, takarda, sukari, duwatsun ado, bindigogi. Zuwa arewa: fatu da aka jeme, gashin jimina, hauren giwa, da bayi. Ban da wannan akwai gishirin Bilma da Buzaye suke kawowa su musanya da hatsi, da kanwa da mangul daga ƙasar Manga.

Shafi na 5. Maganar bayi

Na ware mata shafi ita kaɗai don ba na so mu wuce ta da gudu. Wani ɓangare na dukiyar daular nan daga kamun mutane ya fito, ana kai hari ƙauyuka a kamo maza da mata da yara, wasu a sa su noma da yaƙi da hidimar fada, wasu a sayar da su su ratsa hamada a ƙafa. Ɗalibin tarihi ba ya ɗaukar abin alfahari ya ɓoye sauran. Kuma ina roƙonku, kar in ji wani ya fita tsakar makaranta yana kiran ɗan'uwansa da sunan asali, ba don haka na koyar da wannan ba.

Shafi na 6. Tambayoyi, kashi na farko (minti 5)

a) Wace daula ce Damagaram take kai wa haraji?
b) Jera garuruwa huɗu da ayari yake bi daga Tarabulus zuwa Kano.
c) Kawo kaya biyu masu shigowa da biyu masu fita.
d) Da bakinka, a layi uku: me ya sa zama a kan hanyar ayari yake ƙara wa sarki ƙarfi?

Ta ƙarshen ita ce mai maki da yawa, kar ku kwafi maganata, ku faɗa yadda kuka gane.

Shafi na 7. Birni da Zango

Gari biyu ne a wuri ɗaya. Birni na sarki ne da fada da malamai da dogarai, a cikin ganuwa. Zango kuma masaukin fatake ne, Buzaye da Larabawa da Hausawa ƴan kasuwa, sunan ma ya faɗi aikinsa. Bature matafiyi Hainrik Bart ya sauka a garin nan a ƙarshen 1852 ya tashi a farkon 1853, kun ga ke nan tun lokacin sunan Zandar ya kai nesa. Ƴan Zango da ke ajin nan, yau in kun koma ku dubi tsofaffin gidaje masu zanko da zane a bango, kuɗin fatauci ne ya gina irinsu.

Shafi na 8. Sarki Tanimun

Shi ne sarkin da daular ta kai ƙololuwa a hannunsa, ya yi mulki tun tsakiyar ƙarni na 19 har rasuwarsa a 1884. Ya kewaye Birni da ganuwa mai tsawo da kauri, ya tara ƴan bindiga, ya sa maƙera suna zuba igwa a nan cikin gari ana haɗa albarushi, kuma ya shigo da Mirriya da Muniyo da wasu ƙasashen maƙwabta ƙarƙashinsa har ya zama biyayyar da ake yi wa Barno ta koma kusan ta baki kawai. Ku lura da yadda abin yake zagayawa: ayari ya kawo kuɗi, kuɗi ya sayi bindiga, bindiga ta ci ƙasa ta tsare hanya, hanya ta ƙara jawo ayari. Ku zana wannan da'irar a kaye da kibiyoyi huɗu, in ta fito a jarrabawa kun riga kun gama rabin amsa.

Shafi na 9. Ahmadu Kuran Daga ya hau a lokaci mai wuya

Ya hau a 1893. A wannan shekarar Rabe ya ci Barno, wato gabas ta zama barazana. A kudu yana yaƙi da Kano ta Sarki Alu. Ga Faransawa suna matsowa daga yamma suna neman hanyar tafkin Cadi, Ingilishi kuma suna haurowa daga kudu.

Shafi na 10. 1898, kisan Kazamaju

Kyaftin Kazamaju, sojan Faransa, ya iso Zandar da ƴan rakiya kaɗan yana kan hanyarsa ta zuwa wajen Rabe. Ku sa kanku a matsayin fada: baƙo da bindigogi zai wuce wurin babban abokin gabanku, in suka haɗa kai ina za ku sa kanku? A watan Mayu 1898 aka kashe shi tare da tafintansa. Wannan ne ya zama hujjar da Faransawa suka riƙe, ko da yake niyyar kaiwa Cadi tana nan tun kafin kisan, ku bambanta hujja da dalili.

Shafi na 11. 1899, Tirmini

Rundunar da ta zo ita ce ta Bule da Shanuwan, wadda ta ƙone garuruwa ta kashe mutane ba adadi a hanya, Birnin Ƙonni na cikin waɗanda suka fi shan wuya, ita ce kuma ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. Su biyun ba su iso nan ba, a wajajen Tasawa suka harbe Kanar Kulob da aka aiko ya tsayar da su, daga baya sojojinsu suka kashe su. Laftanan Paliye ne ya ci gaba da rundunar. A ƙarshen Yuli 1899 aka gwabza a Tirmini, yamma da gari, dawakin Damagaram suka fuskanci bindigogi masu saurin harbi da nisan zango, aka ci su, Faransawa suka shiga Zandar. Sarki Ahmadu ya fita daga gari, suka bi shi suka kashe shi a watan Satumba na shekarar. Duk lokacin da na bi hanyar Tirmini a mota sai na tuna mutanen da suka tsaya a wurin suna sane da irin makamin da ke gabansu.

Shafi na 12. Tambayoyi, kashi na biyu

Gaskiya ko ƙarya, in ƙarya ce ku gyara:
a) Tanimun ne ya yi yaƙin Tirmini.
b) Bule da Shanuwan ne suka shiga Zandar da kansu.
c) Rabe ya ci Barno a shekarar da Kuran Daga ya hau sarauta.

Sai ku jera waɗannan daga na farko zuwa na ƙarshe: Tirmini, rasuwar Tanimun, zuwan Bart, kisan Kazamaju.

Shafi na 13. Sarauta a hannun Nasara

Faransawa sun naɗa Ahmadu Ɗan Basa, a 1906 suka zarge shi da shirya tawaye suka tuɓe shi suka kai shi Kodibuwa. Sai a 1923 aka maido sarautar da Barma Mustafa. Sarki yana nan, amma haraji da soja da hukunci na ƙarshe sun koma hannun kumandan.

Shafi na 14. 1911, shekarar da nake so ku ja wa layi biyu

Abu uku suka haɗu a cikinta. Zandar ta zama hedkwatar mulkin sojan Faransa a Nijar. Italiya ta kai wa Tarabulus hari, bakin hanyar ayari na arewa ya rikice. Layin dogo ya iso Kano. Yanzu ku yi tunani irin na ɗan kasuwa, kayan da raƙumi zai yi watanni da su a hamada ga jirgin ƙasa zai kai su bakin teku cikin kwanaki, wa zai ƙara ɗaura wa raƙumi kaya zuwa Tarabulus? A shekarar da garin ya zama hedkwata, a ita ce hanyar da ta ciyar da shi ta fara mutuwa, ga kuma iyaka da aka shata tsakaninmu da Kano da Daura da Katsina.

Shafi na 15. 1926, hedkwata ta koma Yamai

Daga cikin dalilan akwai ƙarancin ruwa, wannan ba sai na yi muku bayani ba, kowa a ajin nan ya san layin jarka a bakin famfo da bazara, Yamai kuwa tana bakin kogin Kwara. Akwai kuma kusancin garin da Najeriya ta Ingilishi da ƙarfin alaƙarsa da Kano, wanda bai kwanta wa Faransawa a rai ba.

Shafi na 16. Tambayoyi, kashi na uku

a) Shekara nawa Zandar ta yi tana hedkwata?
b) Daga Tirmini zuwa ƴancin kai a ranar 3 ga Agusta 1960 shekara nawa ne?
c) Wani ya ce bindigar Nasara kaɗai ta karya Damagaram. Kun yarda? Ku amsa a layi takwas, ku yi amfani da shafi na 11 da na 14.

Shafi na 17. Amsoshin gajerun tambayoyi

Kashi na farko, a) Barno. Kashi na biyu, a) ƙarya, Ahmadu Kuran Daga ne, b) ƙarya, Paliye ne, c) gaskiya, 1893. Jeri: Bart, rasuwar Tanimun, Kazamaju, Tirmini. Kashi na uku, a) 15, b) 61. Masu dogon bayani ni zan duba su da kaina.

Shafi na 18. Dabuwar na gida

Ku samu kaka ko wani dattijo a unguwa, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku tambaye shi abin da ya ji daga nasa iyayen game da ganuwa ko ayari ko zuwan Nasara. Ku rubuta layi goma da bakinsa, ku sa unguwar da shekarunsa, sannan a ƙasa ku nuna inda maganarsa ta yi daidai da darasin nan da inda ta saɓa, kuma in ta saɓa kar ku goge, ku kawo mu duba tare. Wanda kakanninsa suke ƙauye ya haɗa kai da abokinsa su yi su biyu. Zan karɓa ranar Litinin da ƙarfe 8 kafin mu fara darasi.