Tsarin Taron Manoman Shinkafa na Yini Ɗaya, Auyo

8:30 Rajista da addu'a.

9:00 Jawabin Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninsa.

10:00 Zama biyu a lokaci guda. A ɗakin taro: iri da takin zamani. A ƙarƙashin darbejiya: kachalla da ke toshe magudanun ruwa. Kowane ƙauye ya raba mutanensa gida biyu, don kada wani zama ya wuce shi.

11:30 Koko da ƙosai.

12:00 Mata masu turara shinkafa a aji na biyu, maza kan rabon ruwan rani.

1:30 Azahar da abinci.

2:30 Rahoton kowane zama, minti goma-goma.

3:30 Ba a sa komai ba. Da gangan ne: bara muhawarar ruwa ta cinye lokacin mata, suka tafi da maganarsu a ciki. Duk abin da ya yi saura, a nan za a ƙarasa shi.

4:00 La'asar, sannan a sallami jama'a, don na nesa su isa gida da sauran rana.