Lambar Kawu Lawali

Motar ta bar Ƙauran Namoda tun la'asar, amma ba ta shigo Gusau ba sai da aka sallame isha'i. Taya ta fashe a hanya, ga shingayen jami'an tsaro, kowanne sai an sauko an kwance buhuna. Suna shiga tasha direba ya kashe mota ya ce kowa ya yi ta kansa, dare ya yi kuma akwai doka.

Hamisu ya sauko da 'yar jakar bakko, ya koma gefen wani shago da ke rufe ya zaro wayarsa. Ƙaramar waya ce mai tocila, an ɗaure murfin bayanta da kyauro. Daga aljihun ciki ya fito da takardar da Inna ta naɗe masa a leda: bayan kwalin sukari ne, an rubuta lambobi 11 da biro, a ƙasa an sa "Lawali Gusau". Shi ke nan abin da ya zo da shi birni, sai naira 1,300 da ƙullin ƙuli-ƙuli.

Ya danna lambar ya kara a kunne. Shiru. Ya duba fuskar wayar, babu ko sanda ɗaya ta sabis. Abin bai dame shi ba da farko, don a ƙauyensu sai an hau tudun bayan makabarta ake samun magana. Ya ɗaga wayar sama, ya matsa gaba, ya hau kan wani bulo.

"Kai yaro, sauko kar ka karye," in ji wani mai shayi da ke ɗauraye kofuna. "Ko bisa rumfa ka hau ba ka samu. Ba ka ji an yanke ba?"

Ya ji. Kwana uku ke nan ana faɗi a rediyo cewa gwamnati ta sa an rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, an kuma tsayar da kasuwannin mako. Farkon Satumba ne na 2021. Sai dai Inna ta ce wannan na mutanen daji ne, ina za a yanke wa Gusau waya, garin da gwamna yake? Shi ma ya yarda, don yana son ya yarda. Geronsu ya kusa isa yanka amma babu mai iya zuwa gonar, kuma Kawu Lawali ya faɗa da bakinsa ranar sallar bara: "Duk randa ka shigo, kira ni kawai."

"Wa kaka biɗa?" mai shayin ya tambaya.

"Kawuna. Alhaji Lawali."

"Wace shiyya? Tudun Wada? Sabon Gari? Samaru?"

"Shina harkar motoci."

Mai shayin ya yi dariya, ba ta mugunta ba. "Lawali a Gusau? Jefa dutse cikin tashar ga, in bai faɗa kan Lawali ba ya faɗa kan Sani. Zamna nan. Babu ɗan kabu-kabun da za ya ɗauke ka yanzu, in kuma ka taka da ƙafa 'yan sintiri su kwana da kai."

Hamisu ya zauna a bakin benci, jakar tsakanin ƙafafunsa. Mutumin, Malam Isuhu sunansa, ya tura masa kofin shayi da gutsuren burodi. Hamisu ya kai hannu aljihu, Malam Isuhu ya ce masa ya bari tukuna. An yi yayyafi da yamma, ƙasa tana warin baƙin mai da ruwa. Fasinjojin da dare ya rutsa da su sun jera kwalaye a ƙarƙashin rumfa, wata tsohuwa tana ta jijjiga jikanta. Garin da ya ɗauka zai tarar da fitilu kamar rana, ga shi janareta ɗaya tak ke kuka, na mai cajin waya, shi ma don sabo.

Mai cajin ne ya kawo dabarar. Wani siririn saurayi ne da ake kira Ɗanjuma, ya zo karɓar shayi ya ga kwalin a hannun Hamisu.

"Kawo in gani. Waya ko babu sabis ai littafi ce. In mutumin ga na harkar motoci, wani nan ya aje lambarshi."

Ya danna a tasa, ba suna. Ya wuce da kwalin wajen 'yan kamasho da ke caca a bayan wata bas, Hamisu na biye da shi kamar jela. Mutum na farko babu, na biyu babu. Wani direban Funtuwa ya ce shi ba ya ba da wayarsa, aka bar shi. Wani ya karanta lambar sau biyu ya ce ta yi kama da ta surukinsa, ashe bakwai ce ta ƙarshe ba ɗaya ba. Sun tambayi mutum ya kai goma sha biyar, har Hamisu ya fara jin kunyar wahalar da yake ba bawan Allah.

Suka dawo teburin shayi. Malam Isuhu ya goge hannu a zanen da ya ɗaura. "To ni ba ku gwada tawa ba."

Ɗanjuma ya danna lambobin ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya kai ta ƙarshe suna ya fito. Ya duba, ya dubi Hamisu, ya miƙa wa mai wayar ba tare da ya karanta ba. Amma Hamisu ya riga ya gani, ya yi aji uku a sakandare: "Lawali Wanki bashi 850".

Malam Isuhu ya daɗe yana kallon wayar. "Dogo? Da tabo nan ga gira?"

"Shi ne."

"Harkar motoci kam yana yi," ya ce a hankali, ya mayar da wayar aljihu. "Taho."

Ba su yi taku hamsin ba. A bayan tashar, kusa da famfon da ake wankin motoci, akwai wata tsohuwar bas da ba ta da tayu, an ɗora ta kan duwatsu. Bokitai uku a kife a gindinta, da soso da tsumma an shanya a madubi. Malam Isuhu ya buga gefen motar da tafin hannu.

"Lawali! Ka yi baƙo daga gida."

Aka yi motsi a ciki, tocila ta haska. Mutumin da ya leƙo ta taga yana sanye da singileti mai huji a kafaɗa. Hamisu ya tuna farar shaddar ranar salla, da yadda ya raba wa yara naira hamsin-hamsin sababbi, da Inna tana cewa ƙanenta ya zama mutum. A jikin kujerar baya ya hango shaddar, a rataye cikin ledar wanki, an lulluɓe ta da kyau.

Hamisu ya durƙusa. "Kawu, ina wuni."

Kawu Lawali bai amsa nan take ba. Ya kashe tocilar, sannan ya ce, "Hamisu? Yaya Hajo lahiya? Wa ya ce ka taho cikin wannan hali?"

"Ita ta ce. Tana gaishe ka. Ga ƙuli ta ba ni in kawo ma."

Ƙofar bas ɗin ta buɗe da ƙara. Kawu ya karɓi ƙullin, ya juya shi a hannu, ya dubi mai shayi. "Malam Isuhu, ya sha wani abu?"

"Ya sha."

"Sa a lissafina."

"Na sa," in ji Malam Isuhu, ya juya ya tafi.

Kawu ya kwashe tsummokaran da ke kan kujerar tsakiya, ya kakkaɓe ta, ya ba shi buhu ya yi matashi. Suka kwanta, ruwa ya fara sauka a rufin motar, yana ɗiga ta wani gefe cikin gwangwani. Can Hamisu ya ɗauka ya yi barci, sai ya ji muryarsa cikin duhu.

"In an maido sabis, ni za ni fara yi mata magana. Ka ji?"

"Na ji, Kawu."

"Motar Sakkwato ta farko ƙarfe shida take lodi, kuma direban ba ya son ya ga laka a taya. Ka iya riƙon soso?"