Zanen Lewis na N₂O: ƙirga kafin ku zana

Yau za mu zana N₂O, iskar nan da likitocin haƙori ke shaƙa wa majinyaci don rage zafi. Atam uku ne kacal, amma tana kama wanda ya yi gaggawa.

A fara da ƙirgen ilektiron na zagayen waje. Kowane naitirojin yana da 5, oksijin 6, jimla 16. Ku rubuta 16 ɗin a gefen takarda, domin ita za ku riƙa komawa.

Jerin shi ne N–N–O, naitirojin a tsakiya. Kowane layi ilektiron biyu ne, kamar yadda Gilbert Lewis ya tsara tun 1916, don haka layukan biyu sun cinye 4, saura 12. A ba naitirojin na gefe ɗigo 6, oksijin 6. Sun ƙare ke nan. To amma na tsakiya 4 kawai yake da su, alhali 8 yake bukata. Kada ku ƙaro masa ɗigo daga sama! Dole a ɗauko daga na gefe a mayar da su layi, kuma hanya uku ce:

```
A   N≡N–O    ɗigo: 2, 0, 6
B   N=N=O    ɗigo: 4, 0, 4
C   N–N≡O    ɗigo: 6, 0, 2
```

Kowanne layi huɗu ne da ɗigo 8, wato 16 daidai, kuma kowane atam ya samu takwas ɗinsa. Ƙirge kaɗai ba zai raba gardamar ba, sai an yi lissafin caji: a ɗauki ilektiron da atam ya zo da su, a cire ɗigon da ke kansa, a cire layukan da suka taɓa shi.

A zanen A, naitirojin na gefe 5−2−3 = 0, na tsakiya 5−0−4 = +1, oksijin 6−6−1 = −1. A zanen B kuwa −1, +1, 0 ne. C ya ba da −2, +1, +1. Ku tara na kowane zane, lalle ya zama sifili tunda N₂O ba ta da caji. In bai zama ba, akwai ɗigon da ya salwanta.

C dai a ajiye shi gefe: cajinsa ya yi yawa, ga kuma +1 a kan oksijin, wanda ya fi kowa jan ilektiron a nan. Zanen A shi ne ya fi kusa da ainihin N₂O, saboda −1 ta zauna kan oksijin. Sai dai ban yarda ku goge B ba. Tazarar naitirojin biyun kusan pikomita 113 ce, ta ɗan zarce 110 na N₂ mai layi uku, alamar cewa B ma yana da hannu. Ku zana A da B, ku sa ↔ tsakaninsu, don nuna cewa ainihin N₂O gaurayen su biyun ce.

Aikin gida: ku gwada N=O=N, ku lissafa cajin oksijin, sannan ku rubuta dalilin da ya sa bai dace da tsakiya ba.