Kafin ki fara magana, 'yata

Zauna nan kusa da ni, 'yata. Na rufe ƙofa, ba mai shigowa sai an tashi tara. Kin ce akwai abin da ke cin ranki tun hutun da ya wuce, kuma ina so in ji. Amma bari in fara faɗa miki iyakar sirrin da zan iya riƙewa, don kada ki buɗe min ciki sannan ki ga kamar na ci amanarki.

Yawancin abin da ake faɗa a ɗakin nan, a nan yake tsayawa. Saɓani da ƙawa, yaron da ke tare ki a hanya, rigimar gida, duk ba mai ji daga bakina, ko malamin ajinku, ko wani a unguwar Asawase. In na haɗu da mamanki a kasuwar Kejetia nan Kumasi, gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Akwai inda ba zan iya yin shiru ba. In kina ji wa kanki ciwo, ko tunanin kashe kanki yana zo miki, ko wani yana dukanki, yana taɓa jikinki, yana tilasta miki, ko ƙanwarki ce a cikin haɗarin, to dole in nemo mana taimako. Shekarunki 15. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma wanda ya san ana cutar da yaro wajibi ne ya sanar da ma'aikatar walwalar jama'a. Ko babu dokar ma, ba zan iya kallon ki ki koma gida da irin wannan ke kaɗai ba.

Ga alkawarina. Ba zan zagaya ta bayanki ba. Ke zan fara gaya wa wanda zan kira da abin da zan ce masa, kuma iya abin da ya zama dole zai ji. Yana iya zama ma'aikaciyar walwala, ko likita, ko DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida. In wanda ke cutar da ke ɗan gidanku ne, ba shi zan je wa da maganar ba. Za ki nuna min babban da kika yarda da shi, gwaggo ko yaya, mu tafi tare.

In tsoron kamu ne ke hana ki, tun 2023 aka cire yunƙurin kashe kai daga laifuka a ƙasar nan. Wanda kuma aka cuta, laifin ba nasa ba ne, komai kusancinsa da wanda ya cuce shi.

Ba sai kin faɗi komai yau ba. Kina iya cewa, "Anti, in da wata ce haka ta same ta fa?" in gaya miki yadda za a yi. Abu ɗaya kawai zan tambaya kafin ki tashi: yau da dare, in kin koma gida, akwai abin da kike tsoro?