Shawarar mu daina kai kaya gidaje, mu koma ga masu dafa abincin sayarwa

Agege, Legas
15 ga Janairu, 2024

Assalamu alaikum, Yaya Sani da Hajiya Binta,

Na kwana biyu a kan littafin cinikinmu na bara, kuma na ga gara in rubuto muku kafin mu zauna, don kowa ya samu lokacin tunani.

Mun ce kafin shekara ta ƙare za mu riƙa kai tumatir, albasa da attarugu gidaje 600 duk mako. Mun tsaya a 170. Kuɗin da ya rage ba zai wuce mana wata biyar ba.

Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu ya ji mana ciwo, don kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu. Amma kada mu ɗora wa fetur laifin duka. Tun kafin nan, direba zai tashi daga kasuwar Mile 12 da ɗan kwando ɗaya zuwa Lekki, ya ƙare rabin wuni a cunkoso, ribar ba ta biya man da ya ƙona ba. Matar gida kuma tana son ta taɓa tumatir da hannunta, ta yi ciniki. Ni na dage a kan gidaje tun farko, kuma na yi kuskure.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan: masu gidajen abinci 14 da ke saye a wurinmu a Ikeja, Ogba da Agege su suka kawo kusan rabin cinikinmu, alhali ko tallar kobo ba mu yi musu ba. Suna saye da buhu, sau uku a mako, a hanya ɗaya. Ba sa neman manhaja. Bukatarsu kaya su iso kafin ƙarfe shida na safe, kuma farashin da aka faɗa ranar Litinin ya kai Asabar.

Don haka ina ba da shawarar mu rufe kai kaya gidaje a ƙarshen Fabrairu, mu dakatar da aikin manhaja, oda ta koma WhatsApp. Kuɗin mu zuba su wajen sayen akwatunan roba, domin kwandon gargajiya yana matse tumatir tun daga Kadawa, na ƙasa ya iso a ruɓe. Yaya, dillalanka na Kura da masu albasar Aliero su ne ƙarfinmu a nan.

Hajiya, na san wahalar da kika sha a kan manhajar, kuma maganar ba ta yi mini daɗin faɗa ba. Akwai haɗari ma: masu abinci suna son bashi. Kada mu bar wa kowa ya wuce kwana bakwai.

Mu gwada daga yanzu zuwa azumi. In ba mu kai masu saye 40 ba, sai mu sake zama.

Ko za mu haɗu a shago ranar Asabar bayan La'asar? Zan zo da littafin.

Naku,
Auwalu