Takardar Makin Amsar Umarnin Saiti: Rukunin Yaran Sola na Janairu 2025

Ga manyan ma'aikata uku da za su duba saƙonnin yara. A karanta kafin a taɓa biro.

Ranar Litinin, 13 ga Janairu 2025, bayan sallar La'asar, an tura wa yara huɗu wannan umarni ta WhatsApp, kowa shi kaɗai:

“Gobe Talata ƙarfe tara za a je shagon magani na Hotoro. Inbata mai 24V ce. Batir biyu ne masu ruwa, kowanne 12V 200Ah, a haɗa jan wannan da baƙin wancan su ba da 24V. Nau'in batir a sa `FLD`. Caji kada ya wuce `30A`. Tsarin wuta `SBU`. Firijin magani da fitilu su hau inbata, na'urar sanyaya ɗaki kada ta hau. A fara haɗa batir kafin faifan sola. Amsa min in ka gani.”

Amsar da kowa ya mayar ita kaɗai ake auna. Aikin hannu na gobe yana da tasa takardar. Maki goma ne, kuma takwas ne cin jarrabawa.

Gajarta, maki 2

Layi huɗu ko ƙasa da haka a fuskar waya, maki 2. Biyar zuwa bakwai, maki 1. Wanda ya kwafo umarnin dungurungum ya liƙa, ko ya turo saƙon murya na minti biyu, ba shi da komai. Sallama da “Oga barka da yamma” ba sa cikin lissafi, ba mu ce yaro ya yar da ladabi ba. “To” ita kaɗai za ta ci makin nan, amma a gaba za ta sha ƙasa.

Daidaito, maki 4

Maki ɗaya ga kowanne: wuri da lokaci, haɗin batir da nau'insa, `30A` da `SBU`, sai abin da aka hana tare da abin da ake fara haɗawa. Rabin abu ba ya cin maki.

A nan ake son mai dubawa ya buɗe ido, domin kuskuren harafi uku kuɗi ne. Yaron da ya rubuta `AGM` a madadin `FLD` bai yi tuntuɓen alƙalami ba, ya canza ƙarfin cajin da inbata za ta riƙa bai wa batir. Batir mai ruwa da aka saita a `AGM` ba ya cika yadda ya kamata, bayan wasu watanni mai shago zai kira yana cewa mun sayar masa da jabu. Haka wanda ya ce zai haɗa ja da ja, baƙi da baƙi: 12V zai samu, inbatar ba za ta ma tashi ba. Shi kuwa `SBU` yana nufin sola farko, sai batir, wutar Nefa a ƙarshe. Wanda ya juya haruffan ya ce `SUB` ya sa Nefa gaban batir, wani tsari ne daban, ko da kuwa a kunne sun yi kama.

Ba dole yaro ya maimaita da kalmominmu ba. In ya ce “esi ba za ta hau ba”, daidai ne.

Rashin ƙirƙira, maki 4

Ana farawa da 4, ana zaftarewa. Duk maganar da ke cikin amsa a tambaya: daga umarnin ta fito, ko abu ne da yaron ya gani da idonsa? In ba ɗaya daga cikin biyun ba ce, ƙirƙira ce.

Ƙarin bayanin da ba a ba shi ba, kamar yawan faifai ko sunan kamfanin inbata, a cire 1. Alkawarin da ba hurumin yaro ba ne, irin su “zai kai su har asuba” ko “ƙarfe goma mun gama”, a cire 2. Awa nawa batir zai yi ya danganta da abin da aka ɗora masa da ranar da faifai suka samu, ga shi muna cikin hunturu, ƙura tana rage abin da faifai ke kawowa. Yaron da bai taka shagon ba bai san ko ɗaya ba.

Mafi muni shi ne faɗin an yi abin da ba a yi ba: “na duba”, “na gwada”, “na yi magana da mai shago”. Wannan yana rushe takardar baki ɗaya, a rubuta sifili a jimilla ko da sauran sassan sun cika. Na san wasu daga cikinku suna ganin hukuncin ya yi tsauri, tunda yawanci zumuɗi ne da son a yaba, ba mugun nufi ba. Amma ni da ke zaune a ofis, in na karanta “na duba batir”, ba zan sake tura kowa ya duba ba. A kan kalmar zan gina aikin gobe.

Tambaya ba ƙirƙira ba ce, kuma ba a cire mata maki. “In sha Allah” ma haka.

Makin da na bayar, don ku gwada da naku

Auwalu ya rubuta: “Oga na gani. Gobe tara, Hotoro. Batir biyu 24V, `FLD`, `30A`, `SBU`. Firiji da fitilu kawai, ban da esi. Batir kafin faifai. Wace waya zan ɗauko daga sito?” Gajarta 2, daidaito 4, rashin ƙirƙira 4. Jimilla 10. Ku lura da tambayarsa ta ƙarshe: umarnin bai faɗi kaurin waya ba, bai kuma ƙaga ba.

Sani: “To Oga, an gama.” Gajarta 2, daidaito 0. “An gama” a bakin Bakano amsawa ce, ba iƙirarin an yi aiki ba, don haka kada a rushe masa takarda. Rashin ƙirƙira 4. Jimilla 6, bai ci ba.

Rabi'u ya kawo komai daidai cikin layi shida, sai ya ƙara da cewa “faifai huɗun nan za su riƙe firijin har safe”. Ba wanda ya ce masa huɗu ne, an cire 1; alkawarin safe, an cire 2. Gajarta 1, daidaito 4, rashin ƙirƙira 1. Jimilla 6.

Nura: “Na gani Oga, na ma duba batiran lafiyarsu ƙalau, gobe tara muna Hotoro.” Mai sito ya tabbatar batiran suna cikin kwalinsu, ba a ɓalle ba, kuma makulli yana hannun shi mai siton tun Azahar. Jimilla 0.

In makinku ya bambanta da nawa da fiye da ɗaya a kan wani yaro, ku ja layi ƙarƙashin kalmar da ta jawo saɓanin, mu zauna a kai ranar Alhamis bayan Azahar. Sani da Rabi'u za a sake tura musu wani umarni ranar Laraba. Nura kuwa, ina so ya same ni a ofis kafin a fita aikin Hotoro.

Shugaban sashen haɗa sola, ofishin Titin Gidan Zu, Kano